Cacar Kyauta: Dubu Ɗayar da Ba Ta Kai Dubu Ba

Saƙo ne ke shigowa waya daga kamfanin cacar ƙwallo: zuba naira 1,000, mu ba ka wata 1,000 kyauta. A manhaja ana rubuta wannan garaɓasa da sunan Free Bet. Hukuncin caca a addini sananne ne, malamai sun gama bayaninsa. Abin da ba a cika yi wa matasa bayani ba shi ne lissafin, alhali a nan ne ake yi musu rufa-ido.

Mu fara da caca da kuɗin aljihu. Idan odin wasa 2.00 ne, ka zuba 1,000, ƙungiyarka ta ci, za a biya ka 2,000: uwar kuɗinka 1,000, riba 1,000. Da tikitin kyauta kuwa, a wannan odin dai, 1,000 kawai za ka gani. Ana ba ka riba, ana riƙe uwa. Masu ƙorafin an cuce su sukan manta cewa tun farko ba kuɗi aka ba su ba, dama aka ba su ta gwada sa'a sau ɗaya. Shi ya sa ba a iya cire ta zuwa banki. Da kamfani zai haɗa da uwar, da abin da yake kashewa a kan garaɓasar ya ninka a irin wannan odi. Kuma lambar 1,000 ta fi daɗin talla a kan ainihin abin da ke fita daga asusunsa.

To nawa ne ainihin ƙimarta? Hanyar aunawa ita ce a ɗauki ribar da za a biya, a raba ta gwargwadon yadda ake sa ran ci. Ɗauki wasan da ɓangarorinsa biyu suke kunnen doki, ko wanne na da rabin dama. Odin adalci a nan 2.00 ne, amma kamfani zai sa 1.90 a kowane ɓangare, gibin nan shi ne cinsa. Tikitin kyauta na 1,000 zai kawo 900 idan an dace, kuma sau ɗaya cikin biyu ake dacewa. Ƙimarsa ke nan 450. Kafin ka same shi ma sai da ka zuba kuɗinka na gaske, wanda a irin wannan odi ke yin asarar naira 50 a matsakaici. Kyautar dubu ta dawo ɗari huɗu.

Akwai abin da ke ba mutane mamaki. Mai tsoron asara yakan kai tikitin kyauta kan babbar ƙungiya mai odi 1.20, wai don ya tabbata. Ko ya ci, 200 ce ladansa, domin kusan duk abin da odin ya ƙunsa uwar kuɗi ce, ita kuwa ba tasa ba ce. A odi 5.00 ribar 4,000 ce, ana samunta kamar sau ɗaya cikin biyar, ƙimar ta doshi 800 kafin a cire cin kamfani. A takarda wannan ya fi, sai dai sau huɗu cikin biyar hannu rabbana za a tashi. Matsakaicin lissafi yana bayyana ne a kan tikiti ɗaruruwa, kai kuwa guda ɗaya aka ba ka, kuma galibi da wa'adin 'yan kwanaki.

Wata garaɓasar kuma ita ce ƙarin riba, Profit Boost a allon waya. A nan kuɗinka kake zubawa, idan an faɗi sun tafi. Ƙarin kashi 25 cikin ɗari kuma a kan riba kaɗai yake hawa. A odi 1.90, ribar 900 ta zama 1,125, jimilla 2,125. Wannan ya ɗan haura 2,000 na adalci, wato fifikon kusan naira 63 a matsakaici. Kamfani ya san da haka, shi ya sa yakan ƙayyade iyakar abin da za a zuba, ko ya ce sai an haɗa wasanni da yawa a tikiti guda.

Wannan sharaɗi na biyu shi ne mai cizo. Haɗa wasanni biyar, kowanne 1.90, odin ya zama kusan 24.76. Damar cin duka biyar ɗaya ce cikin 32, don haka biyan adalci a kan 1,000 shi ne 32,000. Ba tare da ƙari ba za a biya kusan 24,760, domin cin kamfani yana taruwa da kowane wasan da aka ƙara. Da ƙarin kashi 25, biyan ya kai kusan 30,700. Lambar ta yi girma a ido, amma raba ta gida 32, za ka samu 959. Ko bayan garaɓasar, kowace dubu da aka zuba a irin wannan tikiti tana barin kusan naira 41 a hannun kamfani.