Baki Ya Faɗa, Hannu Ya Tona: Yadda Ake Gane Halin Ɗan Wasa

 Daga Maigatari nake magana, kuma yau wasan kwaikwayo za mu taɓa, musamman don ƙannenmu masu shirin jarrabawar Hausa.

In ka buɗe littafin wasa, kamar Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi ko Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, za ka tarar da rubutu iri biyu. Akwai maganar da 'yan wasa ke yi, akwai kuma ɗan bayanin da marubuci ke sawa cikin baka biyu, mai nuna motsi ko shiru ko yanayin murya. Yawancinmu tsallake na biyun muke yi, alhali sau da yawa nan gaskiyar take.

Ga wata 'yar fitowa da na rubuta don shirin nan. Ranar Alhamis ce, a karar shanu ta Maigatari.

DILLALI: Malam, an taya naira 400,000. Wallahi ko nawa ne, haka zan sayar. (Ya kai hannu bayansa, ya buɗe wa mai saye yatsu biyar.)

MAI SA: (Yana shafa tozon san, bai ɗago kai ba.) Albarka.

ƊANSA: (Ƙasa-ƙasa, yana kallon takalminsa.) Baba, jibi fa za a rufe rajistar makaranta.

MAI SA: (Ya daɗe shiru. Ya warware igiyar daga hannunsa, ya miƙa wa ɗan, ba dillali ba.) Dabba ce kawai. A sallama.

To, mu fara da dillali. In maganarsa kaɗai ka karanta, sai ka ce mai amana ne, ga rantsuwa, ga "ko nawa ne". Amma hannunsa fa? Ya gaya wa mai sa 400,000, ya nuna wa mai saye 500,000. Ke nan 100,000 zai danne, ban da la'adarsa. Marubuci bai ce masa maha'inci ba, yatsu biyar ne suka faɗa. Ka riƙe wannan: in magana da motsi suka saɓa, motsin ya fi kusa da gaskiya, don maganar domin mai sa aka yi ta, motsin kuwa ɓoye masa aka yi, mu 'yan kallo ne muka gani.

Sai mai sa. Shi ma bakinsa da hannunsa sun saɓa, ya ce "dabba ce kawai" bayan mun ga yana shafa tozo. Shin maƙaryaci ne kamar dillali? A'a. Tambayar da za ka yi ita ce: wa ke amfana da ɓoyon? Dillali aljihunsa yake yi wa. Uban kuwa ciwon ransa yake ɓoyewa, don kada yaron ya ji shi ya jawo rabuwa da san. Kuma ka lura, ba a ƙara ko sisi ba tsakanin "albarka" da "a sallama". Abin da ya shiga tsakani maganar rajista ce da dogon shiru. A shirun nan ya yanke shawara. Igiyar da ya miƙa wa ɗan tana cewa: don kai na yi.

Yaron layi ɗaya ya samu, amma ya isa. Bai ce "ka sayar" ba, ranar rufewa kawai ya tuna. Murya ƙasa, ido a ƙasa: mai kunya ne da ladabi, kuma a matse yake. Yanzu goge bayanin, ka sa "cikin tsawa, yana duba wayarsa". Kalmomin ba su canza ba, amma ɗa mai tarbiyya ya koma fitsararre.

Kuskure biyu ke cinye maki. Na farko, a tambaye ka halin dillali, ka shiga ba da labarin cinikin. Amsa ita ce hali da hujja: "Maha'inci ne, domin ya rantse a kan 400,000 yana nuna wa mai saye yatsu biyar." Na biyu, wuce gona da iri. Fitowar ba ta nuna ko mai sa ya gano ha'incin ba, tunda bai ɗago kai ba. In ka rubuta cewa ya gani ya ƙyale, kai ka ƙirƙira.

Ga aikin gida: da a ce yaron ne ya hango yatsun nan, wane bayani ɗaya za ka sa masa cikin baka biyu, ba tare da ka ƙara masa kalma ba? Ku gwada, mu ji a shiri na gaba. Sai mun haɗu.