Mene ne faɗuwar layi ɗaya a injin lantarki?

Injin lantarki mai layi uku, irin na niƙa da famfon burtsatse, yana buƙatar wuta a dukkan layukan. Idan fis ya ƙone ko waya ta tsinke, saura biyu: wannan shi ne faɗuwar layi ɗaya. Injin da ke tsaye ba zai tashi ba, sai gurnani. Wanda ke aiki kuwa zai ci gaba da juyawa yana jan wuta fiye da kima, har naɗin wayarsa ya ƙone.

Taransifomar unguwa mai haɗin delta, wato alwatika, a shiga da haɗin tauraro a fita tana ɓoye matsalar. Idan fis ɗaya ya ƙone a ɓangaren 11kV, naɗi ɗaya ne ke samun cikakkiyar wuta, biyun su raba ta. Gidajen layi ɗaya za su ga 240V, sauran kusan 120V, fitilunsu sun dushe.

A wannan yanayi, inji mai cikakken kaya zai ja kusan kashi 230 cikin 100 na wutarsa a waya ɗaya, 115 a kowace cikin biyun. Saboda haka a sa na'urar kariya a wayoyin uku duka.