Batir biyu a da'ira ɗaya: wanne ke bayarwa, wanne ke karɓa?

Mutane da yawa sun ɗauka cewa in an haɗa batir biyu su ciyar da abu ɗaya, kowanne zai bayar da nasa rabon wutar. Ba kullum ba ne. Wani lokaci ɗayan zama yake yi yana shan wutar ɗan'uwansa, kuma ido ba ya ganin haka. Hanyar ganowa ita ce ƙa'idoji biyu da wani Bajamushe, Gustav Kirchhoff, ya fitar a 1845, yana ɗalibi a jami'ar Königsberg.

Ta farko ƙa'idar mahaɗa ce: duk wutar da ta shigo inda wayoyi suka haɗu, ita ce za ta fita. Kamar ruwa ne a hanyar ban ruwa, in ta rabu biyu, abin da ya bi rassan shi ne abin da ya zo. Ta biyu ƙa'idar zagaye ce: in ka bi da'ira ka dawo inda ka taso, bolt ɗin da batir ya ƙara da wanda razista suka rage dole su tashi sifili. Abin da razista ke ragewa kuwa shi ne amfiya sau om.

Mu ɗauki da'ira mai rassa uku tsakanin mahaɗar sama da ta ƙasa. A reshen hagu akwai batir mai bolt 12 da razista mai om 2. A na dama akwai batir mai bolt 6, shi ma da razista mai om 2. Kan (+) na duka biyun yana duban sama. A tsakiya akwai razista mai om 8, shi ne kayan da ake son ciyarwa.

Ba mu san inda wutar ta dosa ba, don haka sai mu yi hasashe. Mu ce I1 tana hawa daga hagu, I2 tana hawa daga dama, I3 kuma tana sauka ta tsakiya. Mahaɗar sama ta ba mu layin farko, zagayen hagu da na dama suka ba mu sauran biyun:

```
I1 + I2 = I3
12 - 2(I1) - 8(I3) = 0
6 - 2(I2) - 8(I3) = 0
```

In muka sa I1 + I2 a madadin I3, sai a rage layi biyu:

```
10(I1) + 8(I2) = 12
8(I1) + 10(I2) = 6
```

Ninka na sama sau 5, na ƙasa sau 4, ka ɗebe na ƙasa daga na sama. I2 za ta fita, a bar 18(I1) = 36. Ke nan I1 amfiya 2 ce, I2 ta zama -1, I3 kuma amfiya 1.

Wannan alamar ragi da ke gaban I2 ita ce tsokar zancen. Ɗalibai sukan razana su goge ta, alhali lissafin daidai yake. Abin da take faɗa shi ne hasashenmu ya juya: amfiya 1 shiga ƙaramin batirin take yi ta kansa na (+), wato caji yake sha. Dalilin a fili yake. Razistan tsakiya yana ɗauke da bolt 8, amfiya 1 sau om 8, kuma 8 ta fi 6, don haka wuta ta tura kanta cikin mai raunin. Rabin abin da babban batirin ke fitarwa bai ma isa ga kayan ba.

Kada ka yarda da amsa sai ka gwada ta. Babban batir yana bayar da wat 24. Ƙaramin ya sha wat 6, razistan hagu ya ƙona 8, na dama 2, na tsakiya 8. Jimilla 24. In lissafinka bai cike haka ba, yawanci wata alama ce ta kuɓuce, musamman a wurin da ka bi razista kishiyar kibiyar da ka zana, inda ya kamata ka ƙara maimakon ka rage. Wani kuskuren shi ne rubuta zagayen waje a zata sabon bayani ne, alhali daga na ciki biyun ya fito. Amfaninsa gwaji kawai.

Sauya kayan, labari ya sauya. Da razistan tsakiya om 2 ne, mahaɗar za ta tsaya a bolt 6 cif, ƙaramin batir ba ya bayarwa ba ya karɓa. Ƙasa da om 2 ne zai fara taimakawa.

Mun ɗauki batiran kamar ba su da turjiyar cikinsu, amma na gaske suna da ita, kuma a batirin mota ƙarama ce ƙwarai. Cire razistan nan biyu, ba abin da zai tare wutar, waya ta yi zafi, batir ya lalace. Saboda haka mai karatu, kafin ka jera tsohon batirin sola da sabo, (+) da (+), sa mita ka auna kowanne shi kaɗai. In bolt ɗinsu ya bambanta sosai, kada ka haɗa su.