Karkatar Bango: Dalilin da Ya Sa Bakin Bokiti Ya Fi Gindinsa Faɗi

Duk bokitin roba da ke kasuwa bakinsa ya fi gindinsa faɗi. Wannan na sa a iya jera su ɗaya cikin ɗaya, amma tushen abin yana wurin zubi. A masana'anta narka roba ake yi, a tura ta cikin mazubi na ƙarfe. Da ta fara hucewa sai ta tsuke, ta rungume ƙarfen da ke tsakiyarta. In da bangon a miƙe yake sak, sai an yi ta ja yana gogar mazubi tun daga ƙasa har sama kafin ya fito. Shi ya sa ake ɗan karkata shi, ta yadda da ya motsa kaɗan zai rabu da ƙarfen gaba ɗaya.

Da digiri ake auna karkatar, kuma lissafinta ba wuya. Ƙarin da ake samu a gefe ɗaya shi ne tsayin bango sau tan na kusurwar. Digiri 1 yana ba da kimanin milimita 1.75 a kowane tsayin milimita 100.

Mu ɗauki bokiti mai tsayin milimita 300, faɗin gindinsa 220, an karkata bangonsa da digiri 2. Kowane milimita 100 zai ƙara 3.5, ke nan 10.5 daga gindi zuwa baki. A nan ne masu koyo kan yi tuntuɓe, su manta cewa bangon da ke ɗaya gefen shi ma ya buɗe haka. Sai an ninka ya zama 21, faɗin baki ya tashi 241. Wanda ya yanka murfi da awon gindi ya yi asarar kaya. Don haka duk zanen aiki na kirki yakan fayyace inda aka ɗauki awo, a baki ne ko a gindi.

A ƙirar ƙarfe, inda guduma ta inji ke danna jan ƙarfe cikin mazubi, karkatar takan fi haka, daga digiri 3 zuwa 7 a bangon waje. Na ciki yakan kai 10, domin ƙarfe in yana hucewa yana janyewa daga bangon waje, ya matse abin da ke cikinsa. Da digiri 7, bango mai tsayin milimita 50 kacal yana ƙara fiye da 6 a gefe ɗaya, kuma sau da yawa sai an fiƙe wannan rarar da inji daga baya.

In karkata ta yi kaɗan, kayan da kansa zai nuna: zane-zanen karce a tsaye a jikin bango, ko farin tabo inda sandunan turawa suka matsa wa roba. In kuma ta yi yawa, an ɓarnatar da ƙarfe, awo ya kauce. Gwanin mai zane yakan nemi mafi ƙanƙantar kusurwar da za ta saki kaya lafiya, sannan ya lissafa abin da za ta ƙara a kan tsayin bangon kafin a sassaƙa mazubi.