Rangwamen Damina a Masaukin Baƙi: Abin da Sanarwar Gaskiya ke Faɗa Tun Farko

Da zarar ruwan sama ya kankama a watan Yuni, masaukan baƙi na wuraren yawon buɗe ido sukan fara sakin hotuna masu ɗauke da manyan lambobi a Facebook da Instagram da WhatsApp: rangwamen kashi 20, kashi 30, wani ma har da rabin kuɗi. Mai karatu yakan ga lambar ya fara lissafin kai iyali hutu. Amma rangwamen da ke bin yanayin shekara yana da dalili, kuma sharuɗɗan da ke biye da shi daga wannan dalilin suke fitowa.

Gandun Dajin Yankari da ke ƙaramar hukumar Alƙaleri a jihar Bauchi ya isa misali. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Da rani, idan tafkuna sun ƙafe ciyawa ta bushe, giwaye da ɓauna da gwanki sukan gangaro bakin kogin Gaji neman ruwa, sai ganinsu ya yi sauƙi. Da damina kuwa ruwa ko'ina akwai, dabbobi sun bazu cikin daji, ciyawa ta yi tsawon da za ta ɓoye ɓauna tana kusa da mota, wasu hanyoyin kuma sun zama taɓo. Baƙi sukan ragu, ɗakuna su zauna wayam. Abin da bai san damina ko rani ba shi ne maɓuɓɓugar Wikki, wadda ɗumin ruwanta ke tsayawa a wajen digiri 31 duk shekara, dare da rana.

To, a ɗauka akwai wani masauki mai ɗaki 20 a irin wannan yanki. Lambobin da za su biyo baya na misali ne, domin a ga yadda lissafin ke tafiya. Kuɗin ɗaki naira 40,000 ne a kwana. Duk daren da baƙo ya kwana, masaukin yana kashe kamar naira 12,000 a kansa: man janareto, wankin zanen gado, sabulu, ruwa da karin kumallo. Idan da damina ɗaki 5 kawai ke cika, abin da ya rage wa mai masauki bayan wannan kashin naira 140,000 ne a dare, kuma daga ciki zai biya albashi da gyare-gyare. Idan ya sauke kashi 30, ɗaki ya koma naira 28,000, abin da ke rage masa a kowane ɗaki ya sauko daga 28,000 zuwa 16,000. Sai ya cika ɗaki 9 kafin ya maido da abin da ɗaki 5 ke ba shi a da.

Wannan lissafin ne ke haifar da sharuɗɗa. Ɗakin otal kamar tumatir yake a kasuwa, daren da ya wuce ba a sayar ba ya tafi ke nan. Don haka mai masauki yana son rangwamen ya jawo sababbin baƙi a daren da ɗakuna ke zaune banza, ba ya rage kuɗi ga waɗanda dama za su zo ranar Asabar ko lokacin Sallah ba. Shi ya sa yakan ce sai an kwana biyu, ko sai a tsakiyar mako. Babu laifi a cikin waɗannan sharuɗɗa. Laifin yana zuwa ne idan aka ɓoye su har baƙo ya iso da jakunkunansa.

Ga yadda sanarwa mai gaskiya ta irin wannan masauki za ta iya kasancewa:

“Rangwamen damina: ɗakin mutum biyu naira 32,900 a kwana maimakon 47,000, da haraji da kuɗin hidima a ciki. Daren Lahadi zuwa daren Alhamis kawai, kwana biyu zuwa sama, daga 1 ga Yuni zuwa daren 30 ga Satumba. Ban da kwana biyu kafin Babbar Sallah da kwana biyar bayanta. Ɗaki 10 ne a cikin rangwamen. Akwai karin kumallo na mutum biyu. Kuɗin shiga daji da na motar zagaye daban ne. Ku sani: da damina ciyawa ta yi tsawo, ba lallai ne ku ga giwa ba, kuma idan an yi ruwa mai yawa ana iya fasa zagaye. Janareto yana aiki daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Kafin alƙalami rabin kuɗi ne; wanda ya fasa kwana bakwai kafin ranarsa za a mayar masa duka, bayan haka sai dai a canja masa rana.”

Abu na farko da za a lura da shi, lambar da aka rubuta ita ce wadda za ta fita daga aljihu. A Najeriya harajin VAT kashi 7.5 ne tun watan Fabrairun 2020, otal-otal da yawa kuma suna ɗora kashi 10 na hidima, wasu jihohin ma suna da nasu harajin a kan otal. A misalin nan, naira 28,000 za ta hau da 2,800 na hidima da 2,100 na haraji, ta zama 32,900. Rangwamen kashi 30 ɗin gaskiya ne, tunda cikakken kuɗin da, da kayansa, 47,000 ne. Amma magidancin da ya ga 28,000 a hoto, ya ware 56,000 na kwana biyu, sannan aka miƙo masa takardar 65,800 a teburin karɓar baƙi, ba zai tsaya sauraron bayanin haraji ba. Abin da zai ce shi ne, “Malam, ai ba haka kuka rubuta ba,” kuma yana da gaskiya. Yaron da ke bayan teburin, wanda bai rubuta sanarwar ba, shi zai sha faɗan, ya yi ta “Alhaji, a yi haƙuri” alhali ba shi da ikon cire ko sisi.

Na biyu shi ne kwanan wata. “Har zuwa ƙarshen Satumba” magana ce mai fuska biyu: ranar ƙarshe ta kama ɗaki ce, ko ta kwana a cikinsa? Wanda ya biya ranar 28 ga Satumba don ya zo hutun 1 ga Oktoba zai ɗauka ya shiga ciki. Shi ya sa sanarwar ta ce “daren 30 ga Satumba”. Sallah kuma tana da nata sarƙaƙiyar. A shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa ne a watannin farkon damina, an yi ta ranar 16 ga Yuni a 2024 da 6 ga Yuni a 2025, tana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, kuma sai an ga wata ake tabbatar da ranarta. Rubuta “ban da lokacin Sallah” kawai zai bar ƙofar gardama a buɗe. Faɗin kwana nawa kafin ta da kwana nawa bayanta ya rufe ƙofar.

Na uku, wanda ya fi yi wa masu masauki nauyi a baki, shi ne faɗin abin da ya sa aka yi arahar. Akwai mai ganin cewa rubuta “ba lallai ne ku ga giwa ba” korar ciniki ne. Gaskiya zai kori wasu, wato waɗanda giwa kaɗai ta kawo su, kuma su ne dama za su koma gida da haushi su rubuta shi a ƙarƙashin hoton masaukin inda kowa zai gani. Waɗanda za su zo bayan sun karanta wannan layin, irin amarya da ango masu neman wuri shiru, ko iyalin da yaransu ke dogon hutun makaranta a watan Agusta suna son iyo a ruwan ɗumi, sun san abin da suka saya. Haka zancen wuta: wanda aka gaya wa babu na'urar sanyaya ɗaki da rana zai shirya wa hakan. Hoton da aka ɗora ma yana cikin gaskiyar. Garken giwayen da aka ɗauka a watan Maris a bakin kogi, idan aka liƙa shi a tallar Agusta ba tare da an faɗi lokacin ɗaukarsa ba, alkawari ne da masaukin ba zai iya cikawa ba.

Inda aka ajiye sharaɗi ma yana da tasiri. Instagram da Facebook suna nuna layukan farko ne kawai na dogon rubutu, sauran sai an taɓa “more” ko “See more”. Hoto kuma yakan yi yawo a zaurukan WhatsApp shi kaɗai, ya bar rubutun da ke ƙarƙashinsa a baya. Saboda haka kuɗin ƙarshe, da ranakun, da mafi ƙarancin kwana, a jikin hoton ya kamata su zauna, da haruffan da za a iya karantawa a ƙaramar waya.

Akwai kuma rangwamen da ba rangwame ba. Masaukin da ɗakinsa 40,000 ne zai iya rubuta cewa tsohon kuɗi 56,000, yanzu an raba biyu, ya koma 28,000. Kuɗin da baƙo zai biya ɗaya ne da na misalin farko, amma “rabin kuɗi” ƙarya ce. Ana gane wannan ta komawa tsofaffin sanarwar shafin a duba farashin watan Janairu ko Fabrairu. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana talla mai yaudara ko ɓatar da mai saye, kuma ana iya kai wa hukumar ƙorafi.

Kafin baƙo ya tura kafin alƙalami, yana da kyau ya kira lambar masaukin da ya samo daga wata hanya daban, domin ’yan damfara sukan kwafi hotunan masauki na gaske su buɗe shafin bogi. Ya duba ko sunan asusun banki na masaukin ne ko na wani mutum. Sannan ya ɗauki hoton sanarwar a wayarsa, tunda ana iya gyara rubutun Facebook bayan an wallafa, abin da aka ɗora a Status na WhatsApp kuma yana ɓacewa bayan awa 24. A ƙarshe ya nemi a turo masa saƙo a rubuce mai ɗauke da ranar shiga, ranar fita, irin ɗakin, jimillar kuɗi da abin da ya rage zai biya idan ya iso.