Jerin tunatarwa kafin barci: yadda ake tsara shi

Jerin tunatarwa na kafin barci 'yan ƙararrawa ne da mutum ke saitawa a wayarsa, kowace da aikin da take tuna masa, har zuwa lokacin kwanciya. Dalilin yin su bi da bi shi ne jiki ba ya shiga barci farat ɗaya. Akwai agogo a ƙwaƙwalwa da ke bin haske da duhu, kuma idan duhu ya yi sai jiki ya fara sakin sinadarin melatonin mai share fagen barci. Haske mai ƙarfi da daddare yana jinkirta wannan aiki.

Daga lokacin tashi ake fara lissafi, a dawo baya. Babban mutum yana bukatar barcin aƙalla awa 7. Wanda ke tashi ƙarfe 5:00 don sallar Asuba, ya kamata barci ya ɗauke shi ƙarfe 10:00, wato ya kwanta da misalin 9:45, tunda barci kan ɗauki minti 10 zuwa 20 kafin ya zo.

Ƙararrawar farko tun da la'asar take bugawa, ƙarfe 4:00, alamar an gama da kofi da shayi da goro na ranar. Mutane sun fi raina wannan, alhali kusan rabin sinadarin kafin da ke cikinsu yana nan a jini bayan awa 5. Ta biyu ƙarfe 8:45, ita ce ta rufe harkokin yini: a kammala aiki, a fitar da kayan gobe, a rubuta abin da ya rage a takarda don kada ya bi mutum kan gado. Abinci mai nauyi ya riga ya wuce kafin nan. Ƙarfe 9:15 a rage fitila, a yi wanka, a sa waya caji nesa da shimfiɗa. Ta ƙarshe ita ce ta kwanciya.

Wayoyi da yawa sun zo da wannan tsari. A iPhone akwai Wind Down cikin manhajar Health, a Android kuwa Bedtime mode na iya mai da fuskar waya baƙi da fari ya kuma toshe saƙonni.

Inda ake yawan kuskure shi ne gaggawa. Wanda ya saba kaiwa 12:00 ba zai iya barci ƙarfe 10:00 a dare ɗaya ba, sai dai ya yi ta juyi. Gara ya riƙa matso da ƙararrawowin minti 15 duk bayan kwana biyu ko uku, lokacin tashi kuma ya tsaya cak, har Asabar da Lahadi. Idan ƙararrawowin suka yi yawa, hannu kan saba kashe su ba tare da an motsa ba, don haka uku ko huɗu sun isa.

Wanda ya kwanta kimanin minti 20 barci bai zo ba, ya tashi ya zauna cikin ɗan haske har sai ya ji gyangyaɗi. Rashin barcin da ke zuwa dare uku a mako har tsawon wata uku kuwa, ko minshari mai tsanani da yankewar numfashi, ya wuce ƙarfin ƙararrawa, sai ganin likita.