Naira 15,000 a Hannu: Wace Sana'a Za a Kama?

Wanda ba shi da ajiya, daga cikin sana'arsa zai ci tuwon dare. Shi ya sa tun kafin a yi zancen yawan riba, ya kamata ya san kwana nawa kuɗinsa za su yi a waje kafin su dawo, da kuma abin da zai sami hajar idan aka yi kwantai.

Kunun aya yana da kasuwa lokacin zafi, amma in babu ƙanƙara kan yamma ya yi tsami, sai zubarwa. Tumatir ma haka yake. Atamfa ba ta ruɓewa, sai dai tana iya wata guda a akwati, masu saye kuma rabinsu "sai ƙarshen wata" za su ce. Soyayyar gyaɗa ta tsallake ramukan nan biyu: tana kwanaki ba ta lalace ba, kuma da wuya a yi dogon ciniki a kan ƙullin naira 100.

Mu ƙaddara tiyar gyaɗa naira 4,000 ce, itace da gishiri da leda kuma 700. Za a tsince ruɓaɓɓu, domin ƙwaya ɗaya mai ɗaci tana korar mai saye. A jiƙa a ruwan gishiri, a shanya, a soya da yashi mai tsabta, a bari ta huce sarai kafin a ƙulla. In aka ƙulla da ɗumi, leda za ta yi gumi, gyaɗar ta yi sanyi. A ce ta ba da ƙulli 60, kuɗi ya kama 6,000, riba 1,300. To ƙulli goma kacal za su tafi a bashi ko a bakin yaran gida, ribar ta koma 300. Galibi a nan ƙananan sana'o'i suke mutuwa, ba a kasuwa ba.

Kada a zuba dubu goma sha biyar ɗin gaba ɗaya. Tiya guda ta isa gwaji, a kai ƙofar makaranta ko tashar mota a ga ko za ta ƙare cikin kwana biyu. Sauran kuɗin su ne ajiyar da ba a da ita, ranar da suya ta ƙone ko yaro ya kwanta zazzaɓi.

Uwar kuɗi kuwa da mudu ake lissafinta, ba da naira ba. Gyaɗa tana araha da kaka, ta yi tsada in damina ta gabato. Mai sana'a na iya ganin 4,000 ɗinta cif a gwangwani, ta je kasuwa ta tarar ba sa sayen tiya. Idan awon wannan mako bai kai na makon jiya ba, an fara cin jari ke nan, sai a rage girman ƙulli ko a tsuke abin da ake cira don cefane.